PMP, CAPM, PRINCE2 ko Project DPro: wanne ya dace da mai riƙe da ragamar aiki amma ba shi da muƙamin?

A kusan kowane ofis a Abuja akwai mutumin da idan aiki ya taso shi ake nema. Shi ne zai zauna da ɗan kwangila, ya bi sawun takardar sakin kuɗi daga tebur zuwa tebur, ya tsara wa zai je Kwali wa zai je Bwari, ya kuma rubuta rahoton da oga zai sa wa hannu. Takardar ɗaukarsa aiki kuwa jami'in mulki ta ce, ko mataimakin shirye-shirye, ko ma sakatare. Ranar da ya ga tallar gurbin manajan ayyuka sai ya tarar an rubuta ana son mai PMP ko PRINCE2, wato takardun shaidar ƙwarewa a sarrafa ayyuka, daga nan ya fara tunanin wace takarda zai nema. Da irin wannan mutum nake magana, namiji ne ko mace.

Abin da ya kamata ka fara ji shi ne, babu ɗaya cikin waɗannan takardu da ke neman sai an taɓa kiranka manajan ayyuka. PMP, wadda ta fi tsauri, aikin da ka yi take tambaya, ba sunan kujerarka ba. Saboda haka tambayar da za ta raba maka gardama ita ce: shekarun nan da ka yi, wata nawa daga cikinsu za su ƙirgu a matsayin jagorantar aiki, kuma wa zai tsaya maka shaida?

Ma'aunan da za mu bi

Na farko shi ne sharaɗin shiga: me ake nema a wurinka kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Na biyu shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin jarrabawa kaɗai ba, har da na kwas, na maimaitawa idan an faɗi, da na sabuntawa. Dukansu da dala ko fam ake biya, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, don haka abin da abokinka ya biya shekarun baya ba ma'auni ba ne. Na uku shi ne daɗewa: takardar ta har abada ce ko tana da wa'adi. Na huɗu wahalar jarrabawa ga mai zuwa aiki safe da yamma yana fama da cunkoson hanyar Kubwa ko ta Nyanya. Na biyar kasada, wato hanyoyin da kuɗinka za su iya salwanta. Sai na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: wa zai karanta takardar? Mai ɗaukar aiki a kamfanin sadarwa da mai ɗauka a ƙungiyar agaji ba abu ɗaya suke nema ba.

PMP: a nan shekarunka ke da daraja

Cibiyar PMI ta Amurka ce ke ba da ita, tun 1984. Ita kaɗai ce cikin jerin nan da ke shaida wa duniya cewa ka yi aikin, ba karanta shi kawai ka yi ba, shi ya sa ta fi dacewa da mai gogewa marar muƙami, shi ya sa kuma za mu daɗe a kanta.

Manyan hanyoyin cika sharaɗinta biyu ne. Mai digiri na shekara huɗu ana neman ya nuna wata 36 na jagorantar ayyuka. Mai takardar sakandare ko difiloma ana neman wata 60. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, watannin su kasance cikin shekara takwas da suka wuce. Kowanne cikinsu kuma sai ya kawo shaidar awa 35 na karatun sarrafa ayyuka. Mai babbar difiloma ya rubuta wa PMI ya tambayi rukunin da takardarsa ta faɗa kafin ya fara lissafi, domin tsakanin 36 da 60 akwai shekara biyu cur.

Abin da ke kayar da mutane shi ne ma'anar aiki a wurinsu. Abin da suke ƙirgawa shi ne aikin da ke da ranar farawa da ranar gamawa, wanda ya haifar da wani abu da babu shi a da: gini, sabon tsari, horo da aka shirya aka kammala. Hidimar yau da kullum ba ta shiga, komai nauyinta. Sannan idan ayyuka biyu sun haɗu a wata ɗaya, wata ɗaya za a ƙirga maka, ba biyu ba.

Mu ɗauki misalin wata mai digiri da ta shekara bakwai a matsayin jami'ar mulki a wata ƙungiya mai zaman kanta a Abuja. Daga Maris zuwa Agustan 2020 ita ta jagoranci ƙaurar ofis daga Garki zuwa Jabi, tun daga neman gini, gyara, jan wayoyin intanet har kwashe kaya. Wata 6 ke nan. Daga Janairun 2021 zuwa Fabrairun 2022 ita ta riƙe aikin haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Kuje da Kwali, tana tsara jadawali, tana bin 'yan kwangila, tana zama da masu unguwanni. Wata 14. Daga Oktoban 2021 zuwa Yunin 2022 ta shirya horon malaman firamare, wata 9. Daga Satumban 2022 zuwa Yunin 2023 ta jagoranci mayar da tsofaffin fayil-fayil zuwa kwamfuta, wata 10. Idan ta tara kai tsaye za ta ga 39, ta ce ai ta wuce. Amma horon malamai ya haɗu da aikin rijiyoyi daga Oktoba zuwa Fabrairu, wata biyar, don haka wata 4 kawai zai ƙara mata. Lissafin gaskiya shi ne 6 da 14 da 4 da 10, wato 34. Saura wata biyu. Biyan albashin wata-wata, kula da motoci da direbobi, sayen dizal na janareta, duk da su ne suka fi cinye mata lokaci, ba su ƙara mata ko kwana ɗaya ba.

Me ya kamace ta? Kada ta ja wata ranar gamawa ta ƙara mata wata biyu. Ta duba ko akwai ƙaramin aikin da ta manta, kamar taron shekara da ta shirya tun daga kasafin kuɗi har rahoton rufewa. In babu, ta karɓi aiki na gaba da ya taso a ofis, ta yi amfani da watannin jira wajen cika awa 35 ɗinta. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne PMI kan zaɓi wasu masu nema ta binciki takardunsu. Wanda abin ya faɗo kansa ana ba shi kwana 90 ya kawo kwafin digiri, shaidar kwas, da tabbacin shugaban da ya yi aikin a ƙarƙashinsa. A nan marar muƙami ya fi kowa rauni. Idan ka rubuta cewa kai ka jagoranci aikin rijiyoyi, alhali a takarda sunan wani ne, to sai ka je ka same shi tun kafin ka tura fam ɗinka. Ka ce masa: Ranka ya daɗe, ga abin da na rubuta a kan aikin Kuje, ka duba, in an tuntuɓe ka za ka amince da shi a haka? Wani ogan zai yi murna, wani kuwa zai ga kamar kana cin tuwonsa, ya ce ai taimakawa kawai ka yi. Gara ka ji wannan tun yanzu. Ka kuma nemo lambar wanda ya bar ƙungiyar, domin a Abuja shekara uku ta isa a ce duk waɗanda ka yi aiki da su sun watse.

Wajen bayanin kowane aiki a fam ɗin, ka faɗi manufar aikin, matsayinka a ciki, abin da ka yi da hannunka, da sakamakon. Yawancinmu an koya mana kunya, sai mutum ya rubuta mun yi, an yi, na taimaka. Wannan ladabi ne a zaure, amma a fam ɗin yana nuna kamar kai ɗan rakiya ne. In kai ka tsara jadawalin, ka ce kai ka tsara. In kai ka gano cewa damina za ta hana motar haƙa shiga ƙauye ka sa aka fara da can, ka rubuta, domin wannan shi ne suke kira sarrafa haɗari.

Jarrabawar tambaya 180 ce a cikin kusan awa huɗu, da Turanci za ka zauna ta, kuma PMI ba ta bayyana makin da ake ci da shi. Tambayoyin ba na hadda ba ne. Za a ba ka labari, a ce me za ka fara yi. Misali, wani babba cikin masu ruwa da tsaki ya kira ka ya ce a ƙara rijiya ɗaya a ƙauyen da ba ya cikin tsari. Gogewar ofisoshinmu za ta ce maka ko dai ka aiwatar tunda babba ne ya faɗa, ko ka garzaya wurin oga. Duka biyun kuskure ne a jarrabawar. Amsar da ake so ita ce ka fara auna abin da ƙarin zai jawo wa kuɗi da lokaci, sannan ka shigar da shi ta hanyar neman sauyi da aka amince da ita. Masu gogewa da yawa a nan suke faɗuwa, domin suna amsawa da yadda ake yi, ba yadda littafi ya ce a yi ba. Ƙari a kan haka, wajen rabin tambayoyin sun shafi tsarin Agile ko gaurayensa da tsohon tsari, wato aikin da ake yi gutsure-gutsure ana duba sakamako duk mako biyu ko uku, kuma wanda ya saba da aikin rijiya da gini sai ya koye shi daga tushe. Mai aiki ya ware wata biyu zuwa huɗu. Ya kuma tabbatar littafin da ya saya na tsarin jarrabawar da ke ci ne, don PMI kan sabunta shi bayan 'yan shekaru.

Kuɗin jarrabawa ya kan kama daga dala 400 da ɗoriya ga mamba zuwa wajen 600 ko fiye ga wanda ba mamba ba, kuma rangwamen da mamba ke samu kusan yakan biya kuɗin rajistar zama mamban. In mun ɗauki dala a naira 1,500 don lissafi, ka tanadi abin da ya kusa naira miliyan ɗaya kafin a zo maganar kwas. Kwas ɗin kuwa ba dole ba ne ya zama na otal mai abincin rana. Kwas na intanet mai arha da ke ba da shaidar awa 35 yana wadatarwa. Bayan an amince da kai kana da shekara ɗaya da damar zama sau uku, amma kowace maimaitawa da kuɗinta. Takardar tana aiki shekara uku, a cikinsu sai ka tara makin PDU 60, wanda kusan awa ɗaya na ƙarin ilimi shi ne maki ɗaya, ka kuma biya kuɗin sabuntawa, dala 60 ga mamba.

CAPM: ƙanwar PMP

Ita ma ta PMI ce. Takardar sakandare da awa 23 na karatu kawai take nema, babu maganar gogewa. Tambaya 150 ce cikin awa uku, kuɗinta ya daɗe a kan dala 225 ga mamba da 300 ga wanda ba mamba ba, ana sabunta ta duk shekara uku da PDU 15. Wanda ya mallake ta an ɗauke masa sharaɗin awa 35 idan ya zo neman PMP.

Ga mai shekaru a bakin aiki ba na yawan ba da shawararta. Abin da take faɗa wa mai ɗaukar aiki shi ne wannan sabon shiga ne da ya yi karatu, kai kuwa matsalarka ita ce a yarda ba sabon shiga ba ne kai. Matar misalinmu in ta biya CAPM saboda wata biyun da suka rage mata ta yi asarar kuɗi. Inda take da amfani shi ne ga mai difiloma da ya ƙirga ya samu wata 30 cikin 60, ko wanda ya yi aikin da gaske amma babu mai tsaya masa shaida.

PRINCE2: tsari ne, ba shaidar gogewa ba

Daga gwamnatin Birtaniya ta samo asali, an fito da ita da wannan suna a 1996, yanzu tana hannun kamfanin PeopleCert, kuma bugu na bakwai ya fito a 2023. Mataki biyu ne. Foundation tambaya 60 ce cikin awa ɗaya, ana ci da kashi 60 cikin 100, ba a buɗe littafi. Practitioner awa biyu da rabi ce, ana shiga da littafin, ita ma kashi 60 ake nema. Ba a tambayarka ko wata ɗaya na gogewa, babu fam ɗin ba da labari, babu neman sa hannun tsohon oga. Mutum na iya yin kwas na mako ɗaya ya zauna duka biyun.

Wannan sauƙi shi ne ƙarfinta, shi ne kuma iyakarta. Wanda ya san harkar ya san ɗan bautar ƙasa ma zai iya samunta. Amma kada a raina abin da take koyarwa, domin ya taɓa ainihin ciwon marar muƙami. PRINCE2 ta dage a kan a rubuta wa ke da iko a kan me. Akwai kwamitin da ya mallaki aikin, akwai manaja, kuma ana yanka wa manaja iyaka: in kuɗi ko lokaci bai zarce kaza ba, ka yanke hukunci da kanka, in zai zarce ka kawo mana. Ana raba aiki mataki-mataki, kuma a ƙarshen kowane mataki sai an sake tambaya ko har yanzu aikin ya cancanci a ci gaba da kashe masa kuɗi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar laifin hukuncin da ba shi ya yanke ba zai gane amfanin wannan.

Tsadarta ce matsala. Kowane mataki ɗaruruwan daloli ne, kuma in ka haɗa biyun da kwas sau da yawa sukan kai kuɗin PMP ko su wuce. Foundation kaɗai ba ta da nauyi sosai a takardar neman aiki. Ana sabuntawa duk shekara uku. Abu ɗaya da mutane ba su cika sani ba: mai PMP ko CAPM zai iya tsallake Foundation ya zauna Practitioner kai tsaye. Saboda haka in kana da niyyar mallakar duka biyun, fara da PMP ya fi araha. An fi jin sunanta a wuraren da ke da alaƙa da Birtaniya da Turai, da sassan fasahar sadarwa na bankuna da kamfanonin ba da shawara.

Project DPro: ta ma'aikatan agaji da raya ƙasa

Da ana kiranta PMD Pro. Ƙungiyar PM4NGOs ce ta tsara ta musamman don ayyukan da masu ba da tallafi ke ɗaukar nauyi. Littafinta kyauta ne a intanet, jarrabawar matakin farko tambaya 75 ce, ana ci da kashi 65 cikin 100, kuɗinta kuma gomman daloli ne, ba ɗaruruwa ba. Ba a neman gogewa.

Harshenta shi ne wanda ake yi a ofisoshin ƙungiyoyi a Maitama da Wuse II, da rassansu na Maiduguri da Yola: gano tushen matsala da rassanta, jadawalin da ke haɗa manufa da sakamako da ma'aunin nasara, sa ido da tantancewa, da yadda za a miƙa aiki ga al'umma idan tallafi ya ƙare. Matar misalinmu za ta karanta ta ji kamar labarin aikin rijiyoyinta ake ba ta. Kasadar kuɗi a nan kusan babu. Iyakarta ita ce da ka fita daga duniyar ƙungiyoyi, a banki ko kamfanin gine-gine, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunanta.

Kwas ɗin Google a Coursera

Wannan kwas ne na sarrafa ayyuka a Coursera, shafin karatu na intanet, ba jarrabawar ƙwararru ba. Ana biya wata-wata, an tsara shi a kan kusan wata shida, mai himma yakan gama kafin haka, kuma Coursera tana da hanyar neman tallafin kuɗi. Takardarsa ba ta da wa'adi, ba a sabunta ta. Amfaninsa na gaske a wurinka shi ne awanninsa sun wadatar da sharaɗin karatu na PMP da CAPM, kuma yana koyar da Agile a hankali. Shi kaɗai ba zai cike gurbin da aka ce ana son PMP ba.

| Takarda | Sharaɗin shiga | Kuɗin jarrabawa | Wa'adi | Wahala | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|---|
| PMP | Wata 36 ko 60, da awa 35 | Dala 400 zuwa 600 da ɗoriya | Shekara 3, PDU 60 | Mai yawa | Rashin mai shaida, faɗuwa |
| CAPM | Sakandare, awa 23 | Dala 225 zuwa 300 | Shekara 3, PDU 15 | Matsakaiciya | A ɗauke ka sabon shiga |
| PRINCE2 | Babu gogewa | Ɗaruruwan daloli kowane mataki | Shekara 3 | Matsakaiciya | Tsada, ba ta nuna gogewa |
| Project DPro | Babu gogewa | Gomman daloli | Ba a tara PDU na PMI | Mai sauƙi | Ba a san ta a wajen ƙungiyoyi ba |
| Kwas ɗin Google | Babu | Biyan wata-wata | Ba ya ƙarewa | Mai sauƙi, sai dai tsawo | Ba ya maye gurbin PMP |

Farashin nan yana motsi, sai ka duba shafin kowace cibiya a ranar da za ka biya.

Ramukan da suka shafi kowa

Akwai kwasa-kwasan kwana uku da ake tallatawa a Abuja da sunan PMP, a ƙarshe a ba ka takarda mai zanen zinare a gefe. Wannan shaidar halarta ce. Tana iya cika maka awa 35 in awannin sun kai, amma ba ita ce PMP ba, kuma PMI tana da rajista a intanet da ma'aikacin ɗaukar aiki zai buga sunanka ya gani. Ka tambayi mai kwas tambaya ɗaya: kuɗin nan ya haɗa da na jarrabawar da PMI ko PeopleCert ke shiryawa, ko na aji ne kawai? In ya fara kewaye-kewaye ka san amsa. Masu cewa za su zauna maka jarrabawar ta intanet kuwa, ka guje su. In aka gano, takardar za a soke.

Sai maganar suna, wadda ta fi damun mu Hausawa. Sunan da ka yi rajista da shi dole ya zo daidai da na katin shaidar da za ka nuna ranar jarrabawa. In fasfo ya ce Mohammed, digiri ya ce Muhammad, kai kuma ka rubuta Muh'd, ko mace ta yi digiri da sunan mahaifinta fasfo kuma na ɗauke da na miji, ana iya mayar da kai daga bakin ƙofa. Ka yi rajista da harafin da ke jikin fasfonka, in akwai saɓani ka sa a gyara makonni kafin ranar.

Ana iya zama jarrabawar a gida, kyamara na kallonka. Sharaɗin shi ne ɗaki babu kowa, tebur babu komai, kuma kada intanet ta yanke. Awa huɗu a gidan da yara ke shigowa, wuta na iya ɗaukewa a canza zuwa janareta na'urar intanet ta mutu, kasada ce babba a kan kuɗi masu yawa. Don PMP, zuwa cibiyar jarrabawa ta Pearson VUE ya fi kwanciyar hankali, kuma mutumin Abuja ba ya bukatar barin gari. Jarrabawar awa ɗaya irin ta Foundation ana iya yin ta a gida da kwamfuta mai cikakken caji da layin waya na biyu a ajiye. Haka kuma ka gwada katin da za ka biya da shi tun da wuri, domin katin naira yakan zo da iyakar abin da za a kashe a waje, wani lokaci sai an bi ta asusun dala.

A cikin gida kuma akwai CIPMN, cibiyar manajojin ayyuka ta Najeriya da doka ta kafa a 2018. Ba kishiyar waɗancan ba ce. Mai harin ma'aikatun gwamnati ko kwangilolinsu ya karanta tallar gurbin da kyau ya ga ko an ambaci zama mambanta.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Kafin ka biya ko kwabo, ka tara tallace-tallacen guraben aiki goma zuwa ashirin na irin kujerar da kake so, ka ƙirga sunan takardar da ya fi fitowa. Sannan ka zana jadawalin watanninka kamar yadda muka yi a sama, da sunan mai shaida a gaban kowane aiki.

In watanninka sun cika kuma shaidu sun amince, PMP ce taka, ko a kamfani kake ko a ƙungiya, kuma kada ka tsaya ɓata kuɗi a CAPM. In saura 'yan watanni, ka cika awa 35 da kwas mai arha ko na Google, ka jira. In ka yi aikin amma babu mai sa maka hannu, ko kana bukatar takarda cikin wata ɗaya saboda wani gurbi, kuma aljihu zai ɗauka, ka yi PRINCE2 har Practitioner. In rayuwarka a ƙungiyoyin agaji take kuma nan kake son ci gaba, ka fara da Project DPro a wannan watan, PMP ta biyo baya idan ka fara harin kujerar da ke riƙe da kasafin kuɗi babba. In difiloma gare ka kuma tazarar da ke tsakaninka da wata 60 ta kai shekara biyu ko fiye, CAPM za ta riƙe ka, ta kuma ɗauke maka awa 35 daga baya. In kuwa ofishinku ne zai biya, ka tambayi wane tsari suke aiki da shi ka bi shi, ka kuma nemi a sa kuɗin maimaitawa ɗaya da na sabuntawar farko a cikin takardar amincewar.